Dirka Nawa, Waya Mita Nawa? Lissafin Shingen Gona Kafin a Je Kasuwa

Da zarar an kawar da amfanin gona an saki dabbobi, hankalin mai lambu da mai sabon dashen mangwaro ko gwaiba sai ya koma kan shinge. A da, ƙaya ake sarowa a jera, ko a dasa aguwa da bini-da-zugu a jira su kama. Yanzu mai ɗan hali wayar ƙaya yake nema, da dirkokin siminti ko na ƙarfe. Idan ya shiga kasuwar kayan gini irin ta Ƙofar Ruwa a Kano, mai shago zai tare shi da tambaya ɗaya: "Alhaji, naɗi nawa za a ɗauko?" Amsar da aka fi bayarwa ita ce, "To, gonar dai hekta ɗaya ce."

Wannan amsa ba ta gaya wa mai shago komai ba. Hekta awon faɗin ƙasa ne, murabba'in mita 10,000, shi kuwa shinge gefen gona yake bi. Gonar da tsawonta mita 100 ne, faɗinta ma mita 100, hekta ɗaya ce, kewayenta mita 400. Wata mai tsawon mita 200 da faɗin mita 50 ita ma hekta ɗaya ce cif, amma kewayenta mita 500. Idan kuma irin siririyar gonar nan ce ta bakin fadama, ko wadda rabon gado ya tsaga ta a tsaye, mai tsawon mita 400 da faɗin mita 25, har yanzu hekta ɗaya ce, sai dai wanda zai zagaye ta zai taka mita 850. Ƙasa ɗaya, amma kuɗin shingen ta uku ya ninka na ta farko har da ɗoriya. Shi ya sa maƙwabta huɗu masu hekta ɗai-ɗai a haɗe, idan suka yarda suka yi shinge guda na mita 200 a kowane gefe, mita 800 kawai za su kewaye, kowa ya biya rabin abin da zai biya da shi kaɗai ne.

Saboda haka aikin farko ba a kasuwa yake ba, a gona yake, da tef na awo mai mita 50 ko 100 da mutum biyu. Taku ba ya wadatarwa, domin takun mutum da safe daban yake da takunsa bayan ya gaji, kuma kuskuren ɗan yatsa a kowane taku kan zama mita goma kafin a zagayo. A auna gefe huɗun duka, ko da mai gona ya rantse cewa biyu-biyu daidai suke. Gonakin da ake kira masu kusurwa huɗu, da yawansu gefe ɗaya ya ɗara takwaransa da mita uku ko biyar. Kuma layin da za a kafa dirkoki a kai shi ake aunawa, wanda ba lallai ya zama ita kanta iyakar ba. Mai hankali kan kira maƙwabta da mai unguwa su shaida iyaka, sannan ya ɗan ja shingensa ciki, musamman ta gefen da burtali ko hanyar jama'a ta bi. Wanda ya ja rabin mita ta kowane gefe, tsawon shingensa da faɗinsa kowanne ya ragu da mita ɗaya, kuma da sababbin lambobin zai yi lissafi.

Akwai kuma rikicin ƙafa da mita. Birkila da dillalin fili da ƙafa suke magana, takardar safiyo kuwa da mita take zuwa. Mita 3 ta yi kusa da ƙafa 10, amma ba daidai suke ba: ƙafa 10 mita 3.05 ce. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai har ƙarshe.

A ɗauki gona ɗaya a bi ta daki-daki. Bayan an ja shinge ciki, tsawonta mita 120, faɗinta mita 80, wato ta gaza hekta da kaɗan. Gefe mai tsawo shi ke kallon hanya, kuma a tsakiyarsa mai gonar yake son ƙofa mai faɗin mita 4, yadda a-kori-kura za ta shiga da taki, tarakta ma ta shiga da garmarta ba tare da ta kankare dirka ba. Babbar motar kaya faɗinta ya kai wajen mita biyu da rabi, kuma ba kullum direba ke samun damar shigowa a miƙe ba, don haka ƙofar mita 3 takan zama abin da-na-sani. Mai gonar yana son kada tsakanin dirka da dirka ya wuce mita 3, sannan a ja waya layi biyar.

Kafin awo ya yi nisa, akwai hanyar gane ko kusurwoyin sun miƙe. A ja tef daga wata kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a karkace, sannan a yi haka ga ɗaya ɓangaren. A gonar mita 120 da 80, kowane awo ya kamata ya ba da mita 144 da 'yan santimita 20. Idan ɗaya ya ba da 141, ɗayan 147, gonar ta ɗan karkace. Wannan bai hana shinge ba, kuma matuƙar tsawon gefunan bai canja ba, lissafin dirka da waya yana nan yadda yake. Amfaninsa shi ne mutum ya san abin da yake da shi tun kafin a fara haƙa rami.

Kewayen gonar: 120 da 80 sun zama 200, a ninka biyu, mita 400. A cire ƙofa, saura mita 396. Nan ne yawancin mutane ke ɗaukar waya su danna 396 a raba 3, su ga 132, su ce dirka 132 za a saya. Lissafin ya yi kyau a ido, har ba shi da ragowa, amma kuskure biyu ne a cikinsa.

Na farko, abin da rabawar ta bayar ba yawan dirkoki ba ne, yawan tazarar da ke tsakaninsu ne. Mutum ya dubi hannunsa: yatsu biyar, amma tazara huɗu ce a tsakaninsu. Shinge mai farko da ƙarshe haka yake, dirkokinsa kullum sun fi tazararsa da ɗaya. Layi mai tsawon mita 12 da ake kafa dirka kowace mita 3 tazara huɗu ne, amma dirka biyar yake ci, domin akwai wadda ke tsaye a mafari tun kafin a auna komai. Idan shinge ya zagayo ya haɗe da kansa babu ƙofa, wannan ƙarin ɗayan ya faɗi, saboda dirkar farko ita ce ta ƙarshe. Da an buɗe ƙofa kuwa, zoben ya yanke, shingen ya koma dogon layi mai lanƙwasa huɗu, wanda ya tashi daga dirkar ƙofa ta dama ya zagaya gona ya ƙare a ta hagu. Sai ɗayan nan ya dawo. Ke nan ko a wannan gajeren lissafi, 133 ya kamata a ce, ba 132 ba.

Kuskure na biyu ya fi wuyar gani. Raba kewaye gaba ɗaya yana ɗauka cewa kusurwa za ta faɗo daidai inda dirka ta faɗo. Ba haka ƙasa take ba. Waya ba ta shan kwana a iska, dole a sami dirka a kowace kusurwa, dole kuma a sami ɗaya a kowane gefen ƙofa. Waɗannan shida ba sa motsi, duk sauran su ke bin su. Don haka shingen zango-zango ake lissafa shi, kowane zango daga wata kafaffiyar dirka zuwa ta gaba, a raba tsawonsa da tazarar da ake so, idan an sami ragowa a cike ta zuwa sama.

Gefen baya mita 120 ne, a raba 3, tazara 40 cif. Gajeren gefe mita 80 ne, a raba 3, ya ba da 26 da ragowar mita 2. Ba a barin ragowar nan a buɗe, kuma idan aka watsa ta cikin 26 ɗin tazara za ta wuce mita 3 da aka ɗiba, don haka 27 ne. Gajerun gefe biyu ne, 54 ke nan. Gefen gaba mita 120 ne, ƙofa ta ci 4 a tsakiya, saura mita 58 a dama, 58 a hagu. Kowace 58 a raba 3 ta ba da 19 da ragowar mita ɗaya, a cike ta zama 20, biyun su zama 40. A tara 40 da 54 da 40, tazara 134. A ƙara ɗayan nan na ƙofa, dirka 135.

Bambancin 132 da 135 guda uku ne kawai, wani zai ce ai bai taka kara ya karya ba. Amma wanda ya taɓa tsayawa a gona mai nisan kilomita talatin daga gari, leburori sun haƙa rami, siminti a kwaɓe yana bushewa, ga ramuka uku babu abin sa musu, ya san kuɗin motar da za ta kawo ukun nan ya fi kuɗinsu. Mafi muni, ma'aikata ba sa son jira. Sai su buɗa tazarar ƙarshen aikin ta kai mita huɗu da wani abu don dirkokin su isa, kuma nan ne akuya za ta fara gwada sa'arta.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne ƙofa ba ta rage dirka. Da gonar nan a rufe take ruf, tazararta 40 da 40 da 27 da 27 ce, wato 134, dirka ma 134. Da aka buɗe ƙofar mita 4 a tsakiya sai suka zama 135. Waya ƙofa ke ragewa, ita ma mita 4 kacal a kowane layi. Wurin da aka sa ƙofar ma yana taɓa lissafi. Da an matsar da ita ta zama mita 20 daga kusurwa, gefen gaba zai rabu 20 da 96, tazara 7 da 32, jimilla 39, dirka ta koma 134. Da kuma an manna ta da kusurwa, zango ɗaya ne mai mita 116, shi ma tazara 39, amma sai dirkar kusurwa ta zama ita ce ta ƙofa, manyan dirkoki su koma biyar maimakon shida. Wannan tsimi ne mai haɗari, domin dirka ɗaya ce za ta riƙe jan waya ta gefe guda da nauyin ƙyaure ta wani gefen. Idan za a yi haka, sai a ba ta kauri da zurfin rami fiye da sauran.

Idan mai gona yana son ƙaramar ƙofa ta biyu ta baya, wajen rijiya ko rafi, ƙa'idar ba ta canja ba. Kowace ƙofa tana yanke shingen, kowane yanki kuma yana da nasa ƙarin ɗayan. A tara tazarar dukkan zanguna, a ƙara yawan ƙofofi, shi ne yawan dirkoki.

Da yake an ambaci tazara, ita ce wurin da kuɗi ke hawa da sauka. A gonar nan, da mita 2.5 aka zaɓa, dirka 161 za a nema. Da mita 4 ce, 101. Waya ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Inda shanu kaɗai ake tsoro kuma ƙasa a shimfiɗe take, mita 4 tana iya yi idan an ja waya ta yi tauri. Inda awaki da tumaki ke yawo, ko ƙasa tana da tudu da kwari, faɗaɗa tazara asarar kuɗin wayar ne gaba ɗaya, domin dabba za ta tura kai tsakanin layi biyu su buɗe mata.

Su 135 ɗin ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya je kasuwa da lamba ɗaya zai dawo da kaya iri ɗaya. Wayar ƙaya idan aka ja ta da kyau, duk ƙarfin jan yana sauka ne a kan dirkar da aka ɗaure ta a ƙarshen zango. Na tsakiya aikinsu kawai su riƙe layukan a tsayinsu. Saboda haka huɗun kusurwa da biyun ƙofa dole su fi kauri da tsawo, a zuba musu kankare. Zango mai mita 120 kuma ya yi tsawo a ja shi da hannu a tashi ɗaya, zai yi ciki a tsakiya. Gara a sa wata babbar dirka a tsakiyar gefen baya, ya rabu mita 60 da 60. An yi dace a nan, domin 60 ta rabu da 3 ba ragowa, don haka babbar ta maye gurbin wata ƙarama ne, jimilla ba ta canja ba. Manya 7 ke nan, ƙanana 128.

Sannan ga matokarai, waɗanda kusan kowa ke mantawa da su a lissafi. Babbar dirka komai kaurinta, idan waya biyar suka ja ta wata da watanni, ga damina ta jiƙa ƙasa, sai ta fara sunkuyawa ciki. Alamar ba ta ɓuya: layin sama ya saki ya yi lilo, na ƙasa yana nan da ɗan taurinsa, ga ƙasa ta tsage a bayan gindin dirkar. Maganinsa matokari, wanda ake jingina shi a karkace ta gefen da waya ke ja. Kowace kusurwa ana janta ta gefe biyu, matokari biyu-biyu, 8 ke nan. Dirkokin ƙofa ɗai-ɗai, 2. Ta tsakiyar gefen baya 2, domin lokacin ɗauri gefe ɗaya ake fara ja kafin ɗayan. Jimilla 12. Abin da mota za ta ɗauko ya tashi daga 135 ya koma 147. Idan na siminti ne, a ƙara huɗu ko biyar, saboda da wuya su sha hanyar ƙauye a sauke su duka lafiya.

Tsawon dirka ma lissafi ne. Shingen da zai tsaya mita ɗaya da rabi a sama yana son wajen santimita 60 a cikin ƙasa, wato dirka mai mita 2.1, kusan ƙafa 7. Manya su kai ƙafa 8, ramin ya doshi santimita 90, a ƙasa mai yashi ma ya fi haka. Mai son dirkar ƙarfe, wato angul, ya kula da yadda ake yanka ta. Idan sandar mita 6 ce, kuma ya yarda da dirka mai mita 2, kowace sanda za ta ba da uku, 128 a raba 3 a cike sama, sanda 43. Idan ya dage sai mita 2.1, sanda ɗaya biyu kawai za ta bayar da guntun mita 1.8, sai ya sayi 64. Santimita goma sun jawo sanda 21. Kuma ba kowace sandar kasuwa ce ke cika mita 6 ba, don haka a sa mata tef kafin a biya. Mai amfani da itace kuma ya san gara ce abokiyar gabarsa. Ƙirya da giginya suna jure mata, turare kuwa sai an shafe gindinsa da baƙin mai ko maganin gara, in ba haka ba bayan 'yan damuna lissafin zai sake tashi daga farko.

Lissafin waya ya fi sauƙi, amma ya fi cin kuɗin wanda ya yi sakaci. Mita 396 sau layi biyar, mita 1,980. Wannan shi ne tsawon da ido zai gani a miƙe bayan an gama. Bai haɗa da abin da ɗauri ke ci ba. Yanzu zango shida ne: biyu a baya, biyu a gajerun gefe, biyu a gaba. Kowane zango yana da baki biyu, kowane baki layi biyar, wato ɗauri 60. A kowane ɗauri sai waya ta zagaye babbar dirka ta dawo an murɗe ta a jikinta. Dirka mai kaurin santimita 15 a kowane gefe zagayenta santimita 60 ne, a haɗa da murɗi da abin da za a kama a ja, mita ɗaya ta tafi. Mita 60 ke nan, jimilla ta koma 2,040.

Bayan wannan akwai asarar da ba ta lissaftuwa dalla-dalla: haɗin da ake yi inda naɗi ya ƙare a tsakiyar zango, guntayen da suka yi gajarta, inda waya ta harɗe aka yanke, da hawa da saukar ƙasa. Gangare shi kaɗai ba ya cin waya yadda ake zato. Ƙasar da ta hau mita 10 a cikin mita 100, rabin mita kawai take ƙarawa. Kwazazzabo da ramuka su ne masu ci, domin a nan sai an ƙara gajerun layuka a ƙasa don toshe inda dabba za ta kutsa. Kashi biyar cikin ɗari ya isa gona mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wajen mita 100 a nan. Abin nema ya zama mita 2,140.

To, naɗi nawa ke nan? Ya danganta da naɗin, kuma nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido. Wayar ƙaya irin wadda aka sani yau ta samo asali ne daga Amurka, inda wani manomi a jihar Illinois, Joseph Glidden, ya yi rajistar ƙirarsa a 1874, kuma har yanzu naɗin da aka saba da shi a can ƙafa 1,320 ne, wato rubu'in mil, kimanin mita 402. A kasuwanninmu kuwa naɗi iri-iri ne, babba da ƙarami, mai kauri da siriri. Idan mai mita 200 ne, 2,140 a raba 200 ya ba da 10 da ragowa, sai a sayi 11. Idan mai mita 400 ne, akwai tarko mai daɗin faɗawa. Mutum zai ga naɗi ɗaya ya yi zagaye ɗaya na mita 396 har da saura, layi biyar naɗi biyar, shi ke nan. Amma biyar ɗin mita 2,000 ne, rarar mita 20 kacal, alhali ɗauri kaɗai ya ci 60. Layin ƙarshe zai tsaya bai kai ƙofa ba. Shida ake saye, ragowar ta zauna don gyara da kuma layin da za a ja a saman ƙyaure.

Abin da aka rubuta a takardar naɗi, ko abin da yaron shago ya faɗa, ba lallai ya zama abin da ke ciki ba, kuma babu mai warware mita 200 na ƙaya a tsakiyar kasuwa don ya gani. Sikeli ne ke raba gardama. A auna mita 5 daga irin wayar a ɗora a ƙaramin sikeli, sannan a ɗora naɗin gaba ɗaya a babba. A ce mita 5 sun yi rabin kilo, wato kilo ɗaya mita 10 ne, wanda shi ne kusan nauyin waya mai kauri. Naɗin da aka ce mita 200 ne ya kamata ya doshi kilo 20, ban da katako ko ƙarfen da aka naɗe shi a kai. Idan ya tsaya a kilo 15, mita 150 ne a ciki, kuma gonar nan za ta ci 15 maimakon 11. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba ya jin haushin sikeli.

Yawan layi kuma ba ado ba ne. Layi huɗu suna tsayar da saniya. Biyar ɗin nan, idan don ƙananan dabbobi aka yi su, ba a raba su daidai wa daida. Ana matse na ƙasa a buɗa na sama, misali a santimita 20 daga ƙasa, sai 40, 65, 95 da 130. Duk da haka, gaskiyar magana ita ce wayar ƙaya zalla ba ta cika hana ɗan akuya mai naci ba. Mai sabon dashe da ke kusa da gari gara ya sa raga a ƙasa, ya ja ƙaya layi biyu a samanta. Lissafin raga zagaye ɗaya ne, mita 396, a raba da tsawon naɗinta a cike sama. Idan mai mita 25 ce, naɗi 16, kuma mita 4 da suka rage haɗi zai cinye su. Wayar ƙayar sai ta sauko zuwa layi biyu, mita 792 kafin ɗauri, amma raga tana son wayar da ba ta da ƙaya a sama da ƙasanta don ta riƙe ta, ita ma zagaye biyu ce.

Sai ƙananan kaya. Kowace ƙaramar dirka layi biyar ke ratsa ta, 128 sau 5, wuri 640 da za a kama waya. A jikin itace ƙusa mai lanƙwasa 640 ke nan, kuma ba a buga ta har ta danne waya, ana barin wayar ta iya zamewa idan za a ƙara ja. A jikin siminti ko angul wayar ɗauri ce, wajen santimita 30 a kowane wuri, mita 192.

Kafin a kashe ko sisi, akwai gwajin da ya fi kowace takarda. A kafa turaku a kusurwa huɗu da gefen ƙofa biyu, a ja igiya tsakaninsu, sannan a bi da tef ana soka ɗan tsinke ko zuba toka a duk inda rami zai kasance. A gajeren gefe, mita 80 a raba 27 ya ba da mita 2.96, a gefen ƙofa kuma 58 a raba 20 ya ba da 2.9 cif. Wanda ba ya son wahalar santimita yana iya tafiya da mita 3 har ya ƙarasa, tazarar ƙarshe ta zama gajera, mita 2 a gajeren gefe, mita ɗaya a kusa da ƙofa. Yawan dirka ɗaya ne, sai dai gajeriyar tazarar mita ɗaya ba ta barin wurin jingina matokari, don haka a gefen ƙofa rabawa daidai ta fi. A riƙa karanta awon daga tef ɗin da aka shimfiɗa tun daga kusurwa, 2.9, 5.8, 8.7, kada a yi ta ɗaga sanda ɗaya ana ajiyewa, domin kuskuren kowane ɗagawa yana hawa kan na baya. Ita kuma ƙofa, mita 4 ɗin tsakanin fuskokin dirkokin biyu ake auna ta, ba daga tsakiyarsu ba, kuma ba a ba mai walda awon ƙyaure sai dirkokin sun tsaya kankare ya kama, a sake sa tef a ba shi abin da ya fito, ya cire wurin da hinjis da sakata za su ci.